Ƙwai biyu, burodi da bota: a ina kalorin yake taruwa?

Ƙanena ma'aikacin ofis ne a nan Garwa. Aikinsa na zama ne, daga safe har la'asar yana kan kujera, kuma babur ne ke kai shi ya dawo da shi. Shekara da shekaru karin kumallonsa bai canja ba: ya tsaya a teburin mai shayin bakin layinsu, a soya masa ƙwai biyu, a tsaga rabin dogon burodi a shafe cikinsa da bota, a zuba ƙwan a ciki, ya kora da shayi ya wuce. Da wandunansa suka fara matse shi, kuma aka gwada shi a asibiti aka ce ya kula da nauyinsa, sai ya zo gidana wata ranar Lahadi ya ce: "Adda, na daina cin ƙwai. Shi ne yake sa mini teɓa." Na tambaye shi abin da yake ci a madadinsa. Ya ce tunda babu ƙwai, rabin burodi ba ya riƙe shi, don haka yanzu guda yake saye a shafa masa bota daga kai har gindi.

Ranar na ɗauko ɗan sikelin da nake auna fulawa da shi, na aika aka sayo burodi da ƙwai, muka zauna muka yi lissafi. Abin da ya fito shi ne dalilin wannan rubutu, domin kuskuren da ƙanena ya yi, na ji shi a bakin mutane da yawa. A cikin abubuwa huɗu da ke wannan karin kumallo, wato ƙwai, man suya, burodi da bota, ƙwan ne ya fi sauƙin lissafi, shi ne kuma bai cika canjawa ba. Sauran ukun su ne suke hawa da sauka gwargwadon hannun mai zubawa, kuma su ne ido ba ya lura da su.

Kafin mu shiga awo, abu ɗaya ya kamata a riƙe. Kalori ma'auni ne na ƙarfin da abinci ke ba jiki, kamar yadda ake auna hatsi da mudu. Abin da muke kira kalori a baki shi ne wanda ake rubutawa kcal a jikin gwangwani ko roba. Sau da yawa za ka ga wata lamba a kusa da ita mai kJ, wadda ta ninka ta huɗu da 'yan kai, domin kcal 1 daidai yake da kJ 4.184. Wanda ya ɗauki lambar kJ a matsayin kalori zai tsorata a banza. Lissafin da ake yi a duniya ya dogara ne a kan lambobi uku da masanin sinadarai ɗan Amurka Wilbur Atwater ya daidaita a ƙarshen ƙarni na 19: giram ɗaya na furotin yana ba da kalori 4, giram ɗaya na sitaci ko sukari kalori 4, giram ɗaya na mai ko kitse kalori 9. Wannan 9 ɗin ita ce mabuɗin maganar gaba ɗaya. Mai ya ninka sauran fiye da biyu, ga shi kuma ba ya ɗaukar wuri a ciki.

Mu fara da ƙwan. Ƙwan gidan gona mai girma, irin wanda ake sayarwa a kiret, nauyinsa da ɓawo yana kai giram 55 zuwa 60. Idan aka fasa aka yar da ɓawon, abin da ya rage giram 50 ne ko kusa da haka, kuma a cikinsa akwai kalori wajen 72. Kusan 55 suna cikin gwaiduwa, 17 kacal suna cikin farin. Biyu ke nan kalori 145, tare da furotin giram 12 zuwa 13 da kitse giram 10. Ƙwan kazar gida ƙarami ne, yana iya tsayawa a kalori 50 ko sama da haka kaɗan, ƙwan zabin da ke cika kasuwa da damina shi ma a nan kusa yake. Saboda haka duk yadda aka juya, ƙwai biyu suna tsakanin kalori 100 da 160. Tazarar ba ta wuce ta cokali ɗaya na mai ba, ba ta ma kai ba.

Wuta ba ta ƙara wa ƙwai kalori, ba ta kuma rage masa. Dafaffen ƙwai da ɗanye lissafinsu ɗaya. Abin da suya ke yi shi ne ta kori ruwa ta shigo da mai. Don haka kada a ɗora soyayyen ƙwai a sikeli a ce za a gane kalorinsa daga nauyinsa, domin ruwan da ya tashi ya rage nauyi, man da ya shiga ya ƙara, kuma sikeli ba zai raba maka su ba. A ƙirga ƙwan tun yana ɗanye, a auna man daban.

Man shi ne wurin da ya kamata a daɗe. Mu a nan yawanci da man gyaɗa muke suya, ko man gurya irin Diamaor da kamfanin auduga na Sodecoton ke tacewa, ko tataccen man ja mai haske da ke zuwa daga kudu. Mutane suna gardama a kan wanda ya fi "nauyi" a cikinsu. Ta fuskar ɗanɗano da irin kitsen da ke ciki akwai bambanci, amma ta fuskar kalori babu: dukkansu mai ne zalla, giram ɗaya kalori 9. Babban cokali na cin abinci, mai ɗaukar mililita 15, yana ɗauke da giram 13 zuwa 14, wato kalori kusan 120. Ƙaramin cokalin shayi kashi ɗaya ne cikin uku na wannan, kalori 40. Ka ga babban cokali ɗaya na mai ya kusa kamo ƙwai biyun nan baki ɗaya.

To amma wa yake auna mai da cokali da sassafe? A gida ana karkata kwalba ne a bakin kasko, a teburin mai shayi kuma akwai robar ruwa da aka huda murfinta, ya matsa ya zagaya kaskon sau ɗaya ko sau biyu. Na roƙi ƙanena ya nuna mini yadda ake zuba masa, ya karɓi kwalba ya kwaikwaya a cikin kofi, muka juye a cokali: babban cokali biyu, har da ɗan saura. Mai shayin ba mugunta yake yi ba. Kaskonsa siriri ne, wutarsa mai ƙarfi ce, mutane biyar suna tsaye suna jira, kuma idan man ya yi kaɗan ƙwan zai kama ya ƙone. Ban da haka, masu saye da kansu sun fi son ƙwan da ya kumbura ya yi ƙyalli. Yawan mai shi ne saurinsa, shi ne kuma tallarsa.

Ba duk man da aka zuba ne yake shiga ciki ba, kuma nan ne salon suya yake da tasiri. Idan aka fasa ƙwai kai tsaye a kasko ba a kaɗa ba, gwaiduwar tana tsakiya, man yana zama ne a ƙasa da gefe, kuma idan aka ɗaga shi da cokali mai huda, kaso mai yawa yana komawa kasko. Idan kuwa aka kaɗa shi da albasa da tumatir da attarugu, irin yadda muka fi so, to ƙwan yana kumbura ya yi ramuka, albasar ta jiƙe, man ya shige ciki ya zauna. Daga nan mai shayi ya karkata kaskon ya juye komai cikin tsagaggen burodi, sauran man da ya rage ma burodin ya tsotse. Hanyar ganewa ba ta da wuya: a dubi kaskon bayan an kwashe. Idan ya bushe, duk abin da aka zuba ya tafi cikin mai ci. A dubi takardar da aka naɗe burodin da ita kuma. Idan ta jiƙe har ana ganin haske ta cikinta, man ya wuce abin da burodin zai iya riƙewa. A lissafinmu mun ɗauka cewa daga giram 28 da aka zuba, giram 20 sun shiga abincin. Kalori 180 ke nan, sun fi na ƙwan kansa.

Sai burodi. Dogon burodin nan da muka gada daga Faransawa, na farar fulawa, yana da kalori wajen 270 a kowane giram 100. A Kamaru ana lissafa guda ɗaya a kan giram 200, ko da yake wanda ya saba ɗorawa a sikeli ya san gidajen burodi ba sa zuwa daidai, wani ya gaza, wani ya kusa. Idan ya cika giram 200, guda ɗaya kalori 540 ne, rabi 270, kwata 135. Burodin yana ruɗin ido, saboda cikinsa iska ce, ana matsa shi ya lotsa, mutum ya ga kamar bai ci komai ba. Amma sikeli ba ya auna iska. Haka nan wanda ya kwana ya bushe ruwa kawai ya rasa, fulawarsa tana nan yadda take, don haka masu cewa busasshen burodi ko gasasshe ya fi sauƙi ga mai son rage ƙiba sun ɗauki rashin nauyi a hannu a matsayin rashin kalori. Shi kuwa burodi mai laushi mai zaƙi, wanda ake yankawa, akwai sukari da mai a cikin kwaɓinsa, kuma ya fi cushewa, saboda haka yanka mai kaurin yatsu biyu zai iya yin nauyin da ba a zata ba.

A nan ne lambobin da mutane ke gani a waya suke ɓatar da su. Idan ka nemi kalorin ƙwai biyu soyayyu da burodi da bota, amsar da za ka fi samu tana wajen 400. Lambar ba ƙarya ba ce, amma ta wani teburi ce daban. An gina ta ne a kan soyayyen ƙwai mai kalori 90 kowanne, wato wanda aka soya da ɗigon mai, da siraran yanka biyu na burodin inji masu giram 30 kowanne, da ƙaramin cokali biyu na bota. Ka tara: 180 da 160 da 70, ya ba ka 410. Rabin burodinmu kaɗai ya kusa ninka waɗancan yanka biyun, man mai shayinmu kuma ya ninka nasu sau da yawa. Wanda ya rubuta 400 a littafinsa bayan ya tashi daga teburin mai shayi a Garwa ko Marwa ko Kusiri, ya bar kusan rabin abin da ya ci a waje.

Abin da muke kira bota a shago, galibinsa ba man shanu ba ne. Majarin ne, man tsirrai da aka daskarar aka haɗa da ruwa da gishiri da ɗan launi. Wani Bafaranshe mai suna Hippolyte Mège-Mouriès ne ya ƙirƙiro shi a 1869 domin ya zama madadin bota mai araha, sunan botar kuma ya bi shi har teburinmu. Akwai masu ganin tunda daga tsirrai yake, ya fi botar nono sauƙi. A kalori kusan kunnen doki suke: cikakken majarin kashi 80 cikin 100 mai ne, giram 100 yana ba da kalori wajen 720, botar nono ma haka. Bambancin da ke akwai yana tsakanin robobin ne. Wata robar mai kashi 60 ce, kalori 540, wata mai kashi 40, kalori 360, domin an cike gurbin man da ruwa. Adadin yana rubuce a jikin robar, kuma duba shi ba ya cin minti ɗaya. Matsalar ita ce a shagon unguwa da teburin mai shayi daga babban bokiti ake ɗiba, mai saye ba ya ganin rubutun. Idan haka ne, a ɗauka mai kashi 80 ce, ya fi kusa da gaskiya.

Nawa wuƙa take ɗauka? Mun gwada: na ɗora robar a sikeli, ƙanena ya shafa wa rabin burodi yadda ake yi masa, ɓangare biyu na tsagin, muka sake aunawa. Giram 15 sun tafi. Kalori 108. Ga burodi guda, ninki biyu, giram 30, kalori 216. Akwai kuma wani abu da yanayin garinmu yake yi wanda na daɗe ina lura da shi. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, majarin yana narkewa tun a roba, yana shigewa ramukan burodi ya ɓace, mai shafawa ya ga kamar bai sa ba ya ƙara. Da hunturu kuma yana taurare, ba ya shafuwa, sai a ajiye shi gunduwa-gunduwa. Kowane lokaci da irin hanyar da yake wuce kima.

Yanzu a tara na ƙanena. Tsohon karin kumallonsa: ƙwai 145, man suya 180, rabin burodi 270, bota 108. Jimla 703, a ce 700. Sabon da ya koma don ya rame: burodi guda 540, bota 216. Jimla 756. Ya yi shiru yana kallon takardar, sannan ya ce: "Adda, wato ƙarawa na yi?" Ƙarawa ya yi, kuma ba a nan asarar ta tsaya ba. Ya cire abu ɗaya tilo a cikin abincin da ke ɗauke da furotin mai kyau da sinadaran gina jiki na gwaiduwa, ya maye gurbinsa da farar fulawa da mai. Furotin yana daɗewa a ciki yana danne yunwa, farin burodi kuwa yana narkewa da wuri. Shi da kansa ya ce tun da ya canja, ƙarfe goma sha ɗaya ba ta yi sai ya aika a sayo masa fanke ko lemon kwalba. Wannan ma yana cikin lissafin, ko da yake ba a teburin safe aka ci shi ba.

Idan aka yi wannan abinci a gida da hannu matsakaici, babban cokali ɗaya na mai wanda giram 10 suka shiga ƙwan, rabin burodi, bota giram 15, jimlar tana zuwa wajen 610. Na rarraba wannan 610 ɗin gida uku don in ga daga ina take. Sitacin burodi giram 55 ne, kalori 220. Furotin na ƙwai da na burodi giram 21, kalori 84. Kitse kuwa, na ƙwai giram 10, na suya 10, na bota 12, na burodi wajen 2, jimla giram 34, kalori 306. Rabin abincin cif daga mai yake, kuma kashi biyu cikin uku na man nan hannu ne ya zuba shi, ba kaza ba. Ga mai cin burodi guda da ƙwai biyu a wurin mai shayi, lissafin yana kai 1,080. Ga wadda ta soya da ƙaramin cokali ɗaya, ta ci kwatan burodi da shafi ɗaya siriri, 355. Sunan abincin ɗaya ne a duka ukun, amma na sama ya ninka na ƙasa sau uku. Shi ya sa idan aka tambaye ni kalori nawa ne a ƙwai biyu da burodi da bota, sai na fara tambaya wa ya soya, kuma ina aka yanka burodin.

Ban sa shayi a ciki ba, alhali ba wanda yake cin wannan a bushe. Ruwan shayi shi kaɗai babu komai a cikinsa. Ƙwayar sukari ɗaya mai giram 5 kalori 20 ce, uku 60. Madarar gwangwani mai kauri mai zaƙi tana da sama da kalori 320 a giram 100, babban cokali biyu sun kai 130. Kofi ɗaya ya zama 190, ya fi ƙwai biyu. Ga kuma ƙare-ƙaren da aka saba da su a Kamaru: dafaffiyar taliya da ake kaɗawa cikin ƙwan, wadda ɗan dunƙule ɗaya zai ƙara sama da 100 kuma ya ƙara shan mai, ko mayonis, wanda babban cokalinsa ya kusa 100. Albasa da tumatir da attarugu kuwa a zuba yadda ake so, duka ba za su wuce 30 ko 40 ba.

Shin 700 ya yi yawa? Ya danganta da wanda ya ci da abin da zai yi da ranarsa. A ƙiyasi na gama-gari, mace baliga mai matsakaicin motsi tana bukatar kalori wajen 2,000 a yini, namiji wajen 2,500, mai aikin ƙarfi kuma, irin mai dako a kasuwa ko mai ɗiban yashi a bakin Binuwai ko manomi a tsakiyar damina, yana iya wuce 3,000. Ga irin wannan, burodi guda da ƙwai da mai ba ɓarna ba ce, guzuri ne, musamman idan ba zai sake zama cin abinci ba sai yamma. Ba na son a karanta wannan rubutu a je a rage wa ɗan makaranta mai tafiya a ƙasa, ko mai shayarwa, ko wanda dama jikinsa ba shi da ƙiba. A gidaje da yawa matsalar ƙarancin abinci ce, kuma a can cokalin mai alheri ne. Maganar tawa ta mai zaman ofis ce, da mai shago da ke wuni a kan benci, da direban da ba ya sauka daga kujera, waɗanda za su ci tuwo ko shinkafa da rana su sake ci da dare. Ga irinsu, 700 da shayi mai 190 ya kusa 900, fiye da kashi ɗaya cikin uku na bukatar yini, tun ƙarfe takwas ba ta yi ba.

Kuma abin na kullum ne, nan ne nauyinsa yake. Ana ƙiyasta cewa kilo ɗaya na kitsen jiki yana daidai da kalori wajen 7,700. Rarar 250 a kowace safiya, kwana biyar a mako, ta zama 1,250, a mako shida ta kusa kilo. Jiki ba ya bin wannan lissafi sak, domin idan nauyi ya ƙaru abin da yake ƙonawa ma yana ƙaruwa, wani lokaci kuma mutum yana rage cin rana ba tare da ya sani ba. Amma lissafin ya isa ya nuna yadda cokali biyu da ba a gani suke zama wando mai matsewa bayan shekara biyu.

Mai ciwon sukari ya lura da wani abu: a cikin wannan abinci, ƙwai da mai ba su ne suke ɗaga sukarin jini da sauri ba, farin burodin ne da shayin. Idan ya cire ƙwai ya ƙara burodi kamar yadda ƙanena ya yi, ya bi hanyar da ta fi cutar da shi. Mai hawan jini kuma ya tuna cewa rabin burodi yana ɗauke da gishiri fiye da giram ɗaya, majarin da nasa, ga dunƙulen ɗanɗano da ake marmasawa a ƙwan, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada a kai giram 5 a yini gaba ɗaya. Wanda likita ya ba shi ƙa'ida a kan yawan ƙwai saboda ciwon zuciya ko yawan kitse a jini, ya bi ta likitansa; wannan wata magana ce daban da ta kalori.

Wanda ba shi da sikeli ma zai iya gane inda yake, kuma hanyar da na fi yarda da ita ita ce ta roba da kwalba. A rubuta ranar da aka buɗe robar majarin mai giram 250. Idan mai kashi 80 ce, kalori 1,800 ne a ciki. Idan mutum huɗu ne suke shafawa kuma ta ƙare a safiya biyar, shafi ashirin ke nan, kowanne giram 12 da rabi, kalori 90. Idan ta ƙare a kwana uku, kowa ya san abin da ya faru. Mai ma haka: a ware ƙaramar kwalba don suyar safe kawai, a auna cokali nawa aka zuba a ciki, a ga kwana nawa za ta yi. Wannan ya fi ƙoƙarin tuna abin da aka ci, domin mutum yana tuna ƙwai biyu sarai, amma ba ya tuna sau nawa wuƙa ta koma roba.

Gyaran da muka yi wa ƙanena bai taɓa ƙwan ba. Tambayar da na yi masa ita ce, me ya sa ake shafa bota a burodin da za a zuba wa soyayyen ƙwai? Mai a kan mai ne. Ƙwan ya riga ya jiƙa burodin, botar ba ta ƙara laushi sai dai gishiri da ƙamshi. Cire ta kaɗai ya sauke 108. Sai man suya: a kasko mai kauri ko marar kamu, a wuta matsakaiciya, ƙaramin cokali ɗaya ya isa ƙwai biyu, idan aka bar kaskon ya ɗumama kafin a zuba, aka kuma rufe shi na minti ɗaya don tururi ya dafa saman. Daga 180 an dawo 40. Ƙwai 145, mai 40, rabin burodi 270, jimla 455, da albasa da tumatir a ce 480. Ranar da yake marmarin bota, sai ya soya ƙwan da ƙaramin cokalinta a madadin mai, ya sami ƙamshin ba tare da ya biya sau biyu ba. Sai dai majarin mai ruwa da yawa yana fantsama a wuta, kuma yana saurin ƙonewa, don haka a rage wutar.

Ya ce shi ba ya suya a gida ranar aiki, lokaci ba ya isa. Na ce to ya gaya wa mai shayin. Ya yi jim, yana ganin kamar raini ne ya koya wa dattijo sana'arsa. Washegari dai ya je ya ce: "Baba, a rage mini mai, kuma yau kada a sa bota." Dattijon ya tsiyaye rabin man da ya riga ya zuba ya mayar a wani kofi, ya ja kaskon gefen wuta don kada ya kama, ya soya. Man da ya shiga bai sauka zuwa ƙaramin cokali ba, siririn kasko ba zai yarda da haka ba, amma ya dawo wajen babban cokali ɗaya, abincin ya tsaya kusa da 535. Sukarin shayi ya rage daga uku zuwa biyu. Madarar ce har yanzu muke ja da shi a kanta, ya ce shayi babu ita ba ya wuce masa maƙogwaro, ni kuma na ce ya gwada madarar gari cokali ɗaya na mako guda tukuna.